Muhawara: Kamfanin da Ya Ce Zai Mayar da Naira 200,000 Zuwa 400,000 Cikin Kwana 45

Abban Sadiƙ: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema daga waɗanda suka san harkar kuɗi. Maƙwabcina ya kawo mini tayin wani kamfani da ya ce yana sayen masara da riɗi da citta yana fitarwa ƙasashen waje, sannan yana juya wani ɓangare na jarin a kasuwar kirifto. Tsarinsu shi ne mutum ya zuba naira 200,000, bayan kwana 45 a ba shi naira 400,000, kuma duk wanda ya kawo wani ana ba shi kashi 10 cikin 100 na abin da wancan ya zuba. Shi maƙwabcin nawa da naira 50,000 ya fara, aka biya shi 100,000, kuma na ga alat ɗin a wayarsa da idona. Daga nan ya mayar da dubu ɗarin, ya ƙara da naira 300,000 daga aljihunsa, yanzu manhajarsu tana nuna masa cewa zai karɓi 800,000 idan wa'adi ya cika. Sun turo mini hoton takardar rajistar CAC da wata takarda mai ɗauke da tambarin EFCC wadda aka rubuta SCUML a kanta. Kuɗin da nake tunanin sakawa na haya ne da nake tarawa, saboda haka ina so in san yadda ake tantance irin wannan kafin kuɗi ya bar hannuna.

Autan Gida: Wa alaikumus salam, Yaya. A ganina tunda suna da rajistar CAC, ga kuma takardar EFCC, gwamnati ta san da zamansu ke nan, domin ɗan damfara ba zai kai kansa ofishin EFCC ba. Abin da na fahimta game da irin waɗannan kamfanoni shi ne, na farko-farko suna samu, na ƙarshe ne ke kwana ciki. Idan har sabo ne, ka saka kaɗan, ka cire uwar kuɗinka a zagayen farko, sannan ka riƙa juya ribar kawai.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Wa alaikumus salam. Malam Abban Sadiƙ, ka kyauta da ka yi tambaya tun kuɗin yana hannunka. Kafin mu je kan takardun, ina so mu yi lissafi da alƙaluman da suka ba ka, domin lissafin ya fi kowace takarda bayyana gaskiya.

A ɗauka mutum 100 ne suka shiga a zagayen farko, kowa da naira 200,000. Kamfanin ya tara naira miliyan 20 ke nan, kuma bayan kwana 45 ana bin sa miliyan 40. Idan babu wata sana'a ta gaske da ta haifar da ƙarin miliyan 20 ɗin, kuma da ma an riga an fitar da la'adar masu kawo mutane daga ciki, babu inda za a samo kuɗin biya sai daga aljihun sababbin shiga. Domin a biya miliyan 40, ana buƙatar sababbin mutum 200. Su kuma idan nasu wa'adin ya cika sai an samo 400, sannan 800, haka abin zai yi ta ninkuwa, har a zagaye na goma bayan na farko, wato cikin kimanin wata 15, a wayi gari ana neman sababbin mutane fiye da 100,000 a zagaye guda. Babu unguwa ko garin da zai iya ci gaba da samar da mutane haka, shi ya sa ƙarshen irin wannan tsari sananne ne tun ranar da aka buɗe shi, abin da ba a sani ba kawai shi ne ranar.

Su ma masu tsarin sun san wannan lissafi, don haka babban aikinsu shi ne hana mutane cire kuɗi. Abin da ya faru da maƙwabcinka shi ne ainihin dabarar. An ba shi ribar naira 50,000 a hannu, shi kuma ya mayar da ita ya haɗa da uwar kuɗinsa da wasu 300,000. A yau kuɗinsa na gumi da ke wurinsu naira 350,000 ne, abin da yake hannunsa kuwa lamba ce a fuskar waya, wadda su suka rubuta ta, kuma suna iya rubuta miliyan 8 idan sun ga dama ba tare da sun yi asarar ko kwabo ba. Biyan da aka yi masa kuɗin talla ne, kuma ya yi musu aiki, tunda ga shi alat ɗin ya kusa kawo ka.

Ɗan Dawanau: Ni ban san kirifto ba, amma hatsi sana'ata ce da ta iyayena. Wanda yake ajiya yana saye ne da kaka, lokacin da masara take da araha, ya biya kuɗin buhu da ɗinki da dako da mota, ya biya hayar sito, ya sa maganin ƙwari, sannan ya zauna jira har bazara ko tsakiyar damina, wata shida ko bakwai ke nan. Idan Allah ya sa shekara ta yi kyau, a samu riba mai auki, idan kuma farashi ya karye kamar yadda ya faru a 2025, mutum ya sayar ƙasa da yadda ya saya, kuma manyan 'yan kasuwa da yawa sun ji a jikinsu a wannan shekarar. Masu saye su sayar nan take kuwa, ribarsu a kan buhu ƙalilan ce, yawan kaya ne yake tara musu ita. Riɗin da ake fitarwa waje ma sai an tace shi, an auna, an kai tashar jirgin ruwa, kuma kafin kuɗinsa ya dawo an ɗauki lokaci. Saboda haka duk wanda ya ce da hatsi yake ninka kuɗi cikin kwana 45, rani da damina, ba fashi, ni dai ban taɓa ganin wannan hatsin a kasuwa ba. Ka ce su faɗa maka layin da sitonsu yake da sunan dillalinsu, idan a Dawanau ne ni zan taka in duba maka, domin babu mai sayen kaya na miliyoyi a kasuwar nan a rasa wanda ya san shi.

Maman Hanifa: Ni kam ban ga laifin tara kuɗi a wurin wani ba. Mu a unguwarmu muna adashe, mu goma, kowa tana zuba naira 20,000 a wata, kuma wadda ta kwasa tana samun 200,000 a dunƙule, babu wanda ya taɓa tambayar uwar adashenmu takardar gwamnati. Kada a sa mutane su ji tsoron komai.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Hajiya, adashe daban, wannan daban. A adashenku, wadda ta kwashi 200,000 ita ma 200,000 za ta zuba kafin zagaye ya ƙare, babu wanda ya yi mata alkawarin ƙari, kuma kun san junanku, kun san gidan uwar adashe. A nan kuwa ana cewa kuɗi zai haifi kwatankwacinsa, don haka dole a tambayi inda ƙarin ya fito.

Yanzu bari in koma kan takardun da Auta ya dogara da su, domin a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Rajistar CAC shaida ce kawai cewa akwai wani suna da aka yi wa rajista a matsayin kasuwanci ko kamfani. Mai shagon ɗinki yana da ita, mai gidan burodi yana da ita, kuma ba ta da tsada ko wahalar samu. Hukumar ba ta bincika ko sana'arka tana kawo riba, ba ta kuma ba ka izinin karɓar kuɗin jama'a. Hasali ma dokar kamfanoni ta hana kamfani mai zaman kansa ya gayyaci jama'a su ajiye kuɗi a wurinsa sai idan wata doka ta ba shi wannan izini. Ita kuwa takardar SCUML, rajista ce da ake buƙata daga wasu rukunin 'yan kasuwa, irin su dillalan motoci da na gidaje da masu otal, domin a sa ido a kan safarar kuɗin haram, kuma bankuna sukan nemi a kawo ta kafin su buɗe wa irin waɗannan asusu. Ba lasisin zuba jari ba ce.

Wanda yake so ya karɓi kuɗin jama'a ya juya musu, wurin hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari zai nemi rajista. Wanda yake so ya karɓi ajiya irin ta banki, wurin CBN zai nemi lasisi, kuma irin wannan ajiya ce hukumar NDIC take yi wa inshora, wadda tun 2024 take biyan har naira miliyan 5 ga mai ajiya a bankin kasuwanci, da miliyan 2 a ƙaramin bankin al'umma, idan bankin ya durƙushe. Kuɗin da aka kai wa kamfani irin wanda ake magana a kai ba shi da wannan kariya ko ta sisi.

Labarin CBEX bai yi nisa ba. Sun yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, kuma masu tallata su sun yi ta yawo da takardar CAC da ta SCUML. A watan Afrilun 2025 cire kuɗi ya gagara, sai aka ce wa mutane su sake biyan dala 100 ko 200 wai domin a tantance asusunsu kafin a sakar musu kuɗinsu, har fusatattu suka far wa ofishinsu a Ibadan suka kwashe kaya. SEC ta fito ta ce ba ta taɓa yi musu rajista ba, EFCC kuma ta bayyana cewa takardar SCUML ba izinin karɓar jarin mutane ba ce. Takardun da aka turo wa Abban Sadiƙ su ne dai irin waɗancan.

Autan Gida: Baba, na yarda da batun takardun, amma maganata ta biyu tana nan. Ko a MMM akwai waɗanda suka shiga da wuri a 2016, suka ci kashi 30 ɗin nan na wata-wata, suka fita kafin a rufe asusu a watan Disamba. Idan mutum ya san abin da yake yi, ai kasada ce kamar kowace kasada.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Ɗana, gaskiya ne akwai waɗanda suka samu, ban musa ba. Amma ta yaya za ka san kai na farko ne? Ba su buga ranar da suka fara, ba su nuna littafin kuɗinsu, kuma a makon da za su rufe ne suka fi zafafa talla da garaɓasa, domin a lokacin ne suka fi buƙatar sabon kuɗi. Galibi kafin labari ya iso kunnen mutum irina da kai ta bakin maƙwabci, abin ya riga ya yi nisa. Sannan a aikace, wanda aka biya sau ɗaya da wuya ya tsaya, sai dai ya ƙara, kamar yadda muka gani a nan.

Almajirin Malam: Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Auta, ko da yake ni ɗalibi ne, ba mai ba da fatawa ba. Idan mutum ya riga ya san cewa babu wata sana'a a ƙarƙashin tsarin, to ya san cewa abin da zai karɓa a matsayin riba kuɗin wani bawan Allah ne da ya shigo bayansa, wanda wataƙila filinsa ko akuyarsa ya sayar. Wannan ya wuce kasada, ya zama cin dukiyar mutane da sani.

Akwai kuma ma'aunin da malamanmu suka koyar a babin ƙiradi, wanda yake da amfani sosai a nan, domin irin waɗannan kamfanoni sukan ce kasuwancinsu na halal ne, babu kuɗin ruwa. A ƙiradi, mai dukiya yana ba mai juyawa jari, su yi yarjejeniya a kan rabon ribar da za a samu, ko rabi da rabi, ko kashi ɗaya cikin uku, gwargwadon abin da suka daidaita. Ba a yanke wani adadi a ce shi za a bayar ko an ci riba ko ba a ci ba, kuma ba a ɗora wa mai juyawa lamunin uwar kuɗi, sai idan ya yi sakaci ko ya saɓa sharaɗi. Idan aka yi asara, mai dukiya ya yi asarar dukiyarsa, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. To wanda ya ce kawo 200,000 ka karɓi 400,000 a rana kaza, babu zancen asara, ya fita daga wannan babi tun a jimlarsa ta farko, ko da ya buɗe taronsa da addu'a.

Hajiyar Zango: Salamu alaikum daga Kumasi. Ina so in ja hankalinku kada a ɗauka sai mai alkawarin ninki ne kawai abin tsoro, ko kuma sai wanda ba shi da ofis. Mu nan Ghana mun ga Menzgold, wanda yake da manyan ofisoshi da tallace-tallace da fitattun mutane a gefensa, ya ce zinariya yake juyawa, kuma abin da yake bayarwa bai kai ninki ba, kashi 7 zuwa 10 ne a wata. Da hukumar SEC ta ƙasarmu ta dakatar da shi a watan Satumbar 2018 saboda ba shi da lasisin wannan aiki, biya ya tsaya, mutane suka yi shekaru suna bin kuɗinsu. Kyan ofis da sanyin na'ura da ma'aikata masu ɗamara duk da kuɗin masu zubawa ake yin su.

Abban Sadiƙ: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, ina roƙon ku faɗa mini dalla-dalla abin da zan yi, domin ban taɓa shiga shafukan nan ba, kuma ba na so in ƙi abu a kan zato kawai, ina so in sami hujjar da zan nuna wa maƙwabcina.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Abu na farko, ka karɓi cikakken sunan kamfanin kamar yadda yake a takarda, harafi da harafi, tare da lambar rajistarsa. Ka lura ko lambar ta fara da RC, wato kamfani ne, ko da BN, wato sunan kasuwanci ne kawai na mutum ɗaya ko 'yan kaɗan. Ka shiga sashen bincike na shafin CAC, kyauta ne, ka rubuta sunan, za ka ga ko yana nan, da ranar da aka yi masa rajista. Wannan ranar tana da amfani, domin sau da yawa za ka ji suna cewa sun shekara biyar suna aiki alhali rajistar ba ta cika shekara ba.

Daga nan ka tafi sec.gov.ng, ka nemi jerin waɗanda hukumar ta yi wa rajista, ka sake rubuta sunan. Ganin sunan kaɗai bai wadatar ba, sai ka duba aikin da aka yi masa rajista a kai, domin wanda zai juya maka kuɗi ya kamata ka ga an rubuta Fund/Portfolio Manager a gaban sunansa. Akwai kuma wata dabara da ya kamata ka sani, wato aron suna. Sukan ɗauki sunan wani kamfani na gaske mai rajista su ƙara kalma ɗaya ko su sauya harafi, ko ma su yi amfani da sunan yadda yake su ce su wakilansa ne. Maganin wannan shi ne ka tuntuɓi kamfanin na gaske ta adireshin da ka samo da kanka, ba ta lambar da wakilin ya ba ka ba.

Abu na uku ya fi kowanne sauƙi: ka ce su ba ka lambar asusun da za ka tura kuɗin, ka saka ta a manhajar bankinka ba tare da ka tura komai ba, ka ga sunan da zai fito. Asusun zuba jari mai rajista ba ya karɓar kuɗi da sunan wani mutum, kuma doka ta tanadi cewa dukiyar masu zubawa ta zauna a hannun wani mai ajiya na daban, ba a aljihun mai juyawa ba. Sannan ka nemi yarjejeniya a rubuce da rahoton kuɗinsu na shekara wanda akanta mai zaman kansa ya duba, ka saurari yadda za su amsa.

Domin ka sami abin aunawa, Sukuk na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 kashi 16.47 cikin 100 ya biya, kuma a shekara ne, ba a wata ba. Wanda zai iya samar da kashi 100 cikin kwana 45 ba ya buƙatar kuɗin hayarka, domin da naira 200,000 tasa ta kansa, idan ya ninka ta sau takwas a shekara guda, ya haura naira miliyan 51.

Maman Hanifa: Yanzu na gane bambancin. Hakan ya tuna mini da ƙanwata, wadda wani kamfani da ba zan ambata ba ya karɓi kuɗinta da sunan kiwon kaji. Watanni uku ana biyan ta a kan lokaci, a na huɗu aka ce ana gyaran manhaja, a na biyar aka ce banki ne ya riƙe musu kuɗi, sannan aka rufe bakin kowa a zaurensu na WhatsApp, sai shugabanni kaɗai ke iya rubutu, kuma duk wanda ya yi ƙorafi kafin nan an cire shi. Da suka je ofishin sai suka tarar da kwaɗo a ƙofa, mai gidan ma yana neman su saboda kuɗin haya.

Abban Sadiƙ: Jama'a, na dawo da sakamako. A shafin CAC na ga sunan, amma lambar BN ce, kuma rajistar ba ta wuce wata bakwai ba, alhali a takardar tallarsu sun rubuta cewa sun shekara huɗu. A jerin SEC ban ga sunan ba, na gwada shi a dunƙule, na gwada kalma-kalma. Lambar asusun da aka ba ni kuwa sunan wata mata ya fito, a ɗaya daga cikin bankunan waya, kuma da na tambaya sai wakilin ya ce ita ce ma'ajinsu na shiyya. Game da SEC ya ce takardunsu suna kan hanya, an kusa kammalawa. Da na nemi adireshin sito sai ya ce sirrin kasuwanci ne, ya ƙara da cewa garaɓasar ranar Juma'a za ta rufe, kuma masu yawan tambaya su ne ba sa ci gaba a rayuwa. Kuɗina dai yana nan inda yake. Damuwata yanzu maƙwabcina ne, domin saura kwana 12 wa'adinsa ya cika, kuma ya riga ya shigar da ƙaninsa da wani abokin aikinsa.

Ɗan Dawanau: Sito ba ya zama sirri, Malam. Mai kaya alfahari yake yi a zo a ga kayansa, domin da haka yake samun masu saye.

Tsohon Ma'aikacin Banki: "Takardu suna kan hanya" amsa ce da ta isa hujja, domin doka ba ta ce a fara karɓar kuɗi sannan a nemi rajista ba. Game da maƙwabcinka, ka same shi kai da shi, ba a gaban mutane ba, domin wanda ya saka kuɗinsa kuma ya jawo danginsa zai fi son ya kare kamfanin a kan ya yarda an yaudare shi. Kada ka ce masa an cuce shi, ka nuna masa abubuwa ukun da ka gani a wayarka, sannan ka ba shi shawarar ya nemi cire kuɗinsa gaba ɗaya, kada ya bar ko naira ɗaya a sake juyawa. Idan aka ce sai ya biya wani haraji ko kuɗin tantancewa, ko sai ya kawo mutum biyu kafin a sakar masa, kada ya ƙara ko sisi, domin wannan shi ne tatsa ta ƙarshe. Ya adana alat ɗin duk kuɗin da ya tura, da hotunan hirarsu da wakilin, da lambobin asusun, tun kafin a goge zauren, saboda da su zai kai ƙara wurin SEC da EFCC, ya kuma sanar da bankinsa.

Ya daina kawo mutane daga yau. Dokar zuba jari da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan tsari da masu tallata shi. Ko ba a kai ga kotu ba, ranar da abin ya fashe shugabannin ba za a gan su ba, ƙofar wanda ya kawo mutum ita ake bugawa.

Autan Gida: To Baba, ga tambaya. Idan ya nemi cirewa kuma aka biya shi 800,000 ɗin cif, me za ku ce? Kuma idan kowa ya bi shawararku ya ruga cire kuɗi ko aka kai ƙara aka rufe asusunsu, ai ku ne kuka jawo rushewar da wuri, waɗanda wa'adinsu bai cika ba su tashi a tutar babu.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Idan an biya shi zan taya shi murna, amma ra'ayina a kan kamfanin ba zai sauya ba, domin biya ba ya nuna inda kuɗin ya fito. Tambayarka ta biyu kuwa tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Gaskiya ne rufe asusu yakan sa kuɗin mutane ya maƙale, shari'a ta ɗauki shekaru, kuma abin da ake ƙwatowa ba ya kai abin da aka zuba. Sai dai giɓin yana nan tun kafin a kai ƙara, kuma kowane zagaye da aka ƙara ninka yawan waɗanda za su yi kuka yake yi. Ni a wurina gara ya fashe a kan mutum 500 da ya fashe a kan 5,000, amma na san wanda kuɗinsa yake ciki ba haka zai kalli abin ba.

Almajirin Malam: Akwai sauran mas'ala da ban ga mun warware ba. Idan aka biya shi 800,000, nasa na asali 350,000 ne, ragowar 450,000 kuma a bisa abin da aka bayyana kuɗin wasu ne da bai san su ba, ban da la'adar da ya karɓa a kan ƙaninsa da abokin aikinsa. Ita la'adar a ganina mai sauƙi ce, tunda ya san masu ita, sai ya mayar musu. Ragowar ce nake ganin sai ya zauna da malami masani ya faɗa masa yadda abin yake ba tare da ɓoye komai ba.

Abban Sadiƙ: Na same shi bayan sallar isha'i, na nuna masa komai. Bai ji daɗi ba, ya ce wakilin ɗan unguwarsu ne tun suna yara, ba zai cuce shi ba, ni kuma na ce masa mai yiwuwa shi ma wakilin bai san abin da yake ciki ba. A ƙarshe ya yarda ya gwada neman naira 400,000 ɗin da ya zuba tun yanzu, sai manhajar ta nuna masa cewa wanda ya cire kafin wa'adi za a zabtare masa kashi 40 cikin 100. Yanzu yana tambaya ko ya haƙura da 160,000 ya karɓi 240,000 a yau, ko ya jira kwana 12 ɗin.

Ɗan Dawanau: Idan ni ne, yau zan karɓa, in ma sun bayar.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Ni ma can na karkata, ko da yake babu wanda zai iya ba shi tabbacin cewa ba za su kai kwana 12 ba, kuma idan suka kai zai ga kamar mun sa shi asara. Ya danna neman cirewar a daren nan, ya ɗauki hoton fuskar wayar da ranar da lokacin suka fito, sannan ka sanar da mu gobe ko kuɗin ya shigo asusunsa na banki ko kuwa Pending kawai manhajar take nunawa.